Faranti nawa za a ce wa mai abinci ya shirya?

Malam, muna da taron kwana biyu a Garoua, Alhamis da Juma'a. Mutum 200 sun yi rajista. In yi odar faranti 200 kowace rana?

A'a, Hajiya. Fara nemo takardar sa hannu ta taron bara. A ce 160 suka yi rajista, 120 suka zo. Kashi 75 cikin ɗari ke nan, don haka bana ki sa ran 150. Amma sai in yanayin bai sauya ba. Wanda ya biya kuɗin rajista da wuya ya ƙi zuwa, kuma in bana akwai kuɗin mota alhali bara babu, zauren zai fi cika.

Sai ki ƙara waɗanda ba sa cikin rajista amma za su ci: direbobi, 'yan jarida, masu fassara, masu na'urar sauti. A nan aka fi jin kunya. A ce su 20 ne, an kai 170. Ɗora kashi 5 cikin ɗari saboda tsaro, ki ce faranti 180 ranar Alhamis.

To ranar Juma'a fa?

Lissafinta daban. Duba jadawali, ki ga me ke gaban abincin da abin da ke bayansa. In karatun rahoton kwamitoci ne da safe, wasu ba za su leƙo ba. Maza za su tafi masallaci, kuma wanda gidansa ke cikin gari sau da yawa can zai ci. Baƙin Maroua da Ngaoundéré suna son kama hanya tun da rana. Tambayi mai abincin bara faranti nawa aka ci a rana ta biyu, domin sa hannun safe ba ya nuna wanda ya tsaya har azahar. In 90 ne cikin 120 ɗin, bana 150 za su koma wajen 113. Da ma'aikata 10 da ɗan ƙari, 130 ya isa. Jimilla 310 maimakon 400: in faranti sefa 4,000 ne, kin tsirar da 360,000.

Sai dai in bayan cin abinci za a raba takardar shaida ko kuɗin mota, kada ki rage mahalarta ko ɗaya. Kusan kowa zai jira.

In lissafin ya kuskure?

Ki ƙirga kawuna lokacin shayin safe, ki kira mai abinci nan take. Tun wajen ciniki ku daidaita faranti nawa zai iya ƙarawa a ranar. Shinkafa tana ƙaruwa cikin awa guda, nama kuwa da wuya, don haka a sa masu zubawa a kan nama da kifi, kada na farkon layi su kwashe rabon na baya.