Ba sai an yi faɗa aure ke lalacewa ba

An daɗe ana ɗauka cewa gidan da ba a jin hayaniya lafiya lau yake. Ba lallai ba ne. Mace ta ce wa mijinta, "Maigida, zo ka ga yadda hadari ya haɗu," ba maganar ruwa take yi ba, so take ya ɗago kai ya dube ta. In ya ce "uhm" idonsa na kan waya, sau ɗaya ba komai, kowa yana gajiya. Amma in kullum haka ne, abin da take ji shi ne ba ta kai a kula ta ba. Sannu a hankali sai ta daina kira, labarinta ya koma wurin ƙawaye. Shi kuwa ya ɗauka ta rage surutu ne, har yana murna.