Waiwaye: Yadda adireshin komawa ya shiga sitak, da abin da hakan ya haifar

Tun farkon kwamfuta akwai tambayar da ta addabi masu rubuta manhaja: idan babban shiri ya kira ƙaramin shiri, wato sabrutin, ya gama aikinsa, ta yaya zai san inda zai koma?

A kwamfutar EDSAC ta jami'ar Cambridge, wadda ta fara aiki a 1949, David Wheeler ya samo dabara. Mai kira zai ajiye adireshinsa a rajista, wato ɗan ma'ajin da ke cikin furosesa, sabrutin ya ɗauka ya gyara umarninsa na ƙarshe ya zama tsalle zuwa gida. Kwamfutar PDP-8 ta 1965 kuwa, umarninta na JMS yana rubuta adireshin komawa ne a gurbin farko na sabrutin ɗin kansa. Duka biyun sun yi aiki, amma gurbi ɗaya tal ke akwai. Da zarar sabrutin ya kira kansa, sabon adireshi ya hau kan tsoho, hanyar komawa ta ɓace ke nan.

Maganin ya riga su zuwa a takarda. Alan Turing ya zayyana shi a tsarin kwamfutar ACE wajen 1945, da ayyuka biyu da ya kira BURY da UNBURY, binnewa da tonowa. Friedrich Bauer da Klaus Samelson na Munich suka nemi rajistar mallakar irin wannan fasaha a 1957. Sai harshen ALGOL 60 ya halatta wa sabrutin kiran kansa, daga nan sitak ya zama dole: tari ne wanda abin da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, don haka kowane kira da gurbinsa.

Intel 8008 na 1972 yana da ɗan sitak a cikin furosesa, na adireshin komawa kaɗai, hawa 7. Da 8080 ya fito a 1974, aka mayar da sitak cikin memori, aka ba shi rajistar SP mai nuna samansa, aka kuma ba mai shiri umarnin PUSH na ɗorawa da POP na saukewa, ya ajiye kayansa a wuri guda da adireshin. A ganina nan ne aka yi gyaran gangar auzinawa, ko da yake ba na jin akwai wanda zai so komawa hawa 7.

Ga yadda abin yake a furosesan Intel 8086. A ce SP yana kan 0x1000, kuma akwai umarnin kira, CALL, mai tsawon bayit 3 a adireshi 0x0200. CALL zai rage SP da 2 ya zama 0x0FFE, ya rubuta 0x0203 a wurin, sannan ya yi tsalle. Sitak ƙasa yake girma, ba sama ba. Yanzu dubi wannan sabrutin, rajistar AX tana riƙe da 0x0041:

```
aiki:
  push ax
  push bx
  mov  bx, 5
  pop  bx
  ret
```

PUSH na farko ya kai SP 0x0FFC, na biyu 0x0FFA. POP guda ya dawo da shi 0x0FFC. An manta da AX. RET, umarnin komawa, kuwa ba ya tambaya, duk abin da SP ya nuna shi ne adireshi a wurinsa. Sai ya ɗauki 0x0041 ya yi tsalle can, alhali 0x0203 na nan zaune bayit 2 kacal a sama. Furosesa ya shiga karanta abin da ba umarni ba ne a matsayin umarni. Kan tsohuwar na'ura sai ta sandare, a tsarin zamani mai kariyar memori kuma a kashe shirin nan take. Idan POP ne ya yi yawa, shi zai haɗiye 0x0203, RET ya ɗauki kayan mai kira.

Abin da ke wahalarwa shi ne wurin da shirin ya faɗi ba shi ne wurin laifi ba. Alamar ita ce adireshin faɗuwa ya yi kama da bayanai, kamar 0x0041 ɗin nan, lambar harafin A. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a tsayar da shirin a umarnin farko na sabrutin a rubuta SP, a sake tsayar da shi daf da RET. Dole su zama ɗaya. An fi samun saɓanin a reshen da ke fita da wuri ya tsallake POP, shi ya sa shirin kan yi kwanaki lafiya kafin ya bi ta wannan reshen.

Harsuna irin C sun karɓe lissafin daga hannun mutum, amma matsalar ta sauya kama. A ƙa'idar cdecl mai kira ne ke share abin da ya tura wa sabrutin a sitak, a stdcall kuwa sabrutin ne, da umarni irin RET 8. Idan ɓangarorin biyu suka saɓa, ko a share sau biyu ko a ƙi sharewa sam. A 2020 Intel ya fitar da furosesa masu fasahar CET, wadda ke ajiye kwafin adireshin komawa a sitak na biyu da PUSH ba ya taɓawa. Idan RET ya ga kwafi biyun sun bambanta, furosesa zai dakatar da shirin a kan RET ɗin, kafin tsallen.