Mayar da ƙarfin doki da ƙarfin murɗawa zuwa kilowat a sauya injin niƙa daga dizal zuwa lantarki

Mayar da ƙarfin doki zuwa kilowat lissafi ne da ake yi idan za a cire injin dizal daga injin niƙa a ɗora moton lantarki a madadinsa. Injinan dizal galibi ana rubuta ƙarfinsu da dawaki, wato hp, su kuwa motocin lantarki da kilowat, wato kW. Lissafin kansa bai wuce ninkawa ɗaya ba. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗaukar lambar da ke jikin injin a matsayin ƙarfin da niƙan ke ci, alhali abubuwa biyu ne daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan yi yawa.

Ma'aunai

Ƙarfin doki iri biyu ne a kan injina. Akwai wanda James Watt ya kafa a ƙarni na 18, wanda yake daidai da wat 745.7, ana rubuta shi hp. Akwai kuma na tsarin mita, da ake rubutawa PS ko CV, wanda yake wat 735.5. Bambancinsu bai kai kashi 2 cikin 100 ba, don haka ba ya sauya girman moton da za a saya.

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da sandar inji ke juya abin da aka ɗaura mata, ana auna shi da N·m. Shi kaɗai ba ya nuna yawan aiki, sai an haɗa shi da gudun juyi, wato sau nawa sandar ke zagayawa a minti ɗaya, rpm. Mutumin da ya danne sifana a kan noti mai tsatsa yana iya fitar da ƙarfin murɗawa mai yawa, amma muddin notin bai motsa ba, kilowat ɗinsa sifili ne. Ga yadda ukun suke haɗuwa:

```
kW = hp × 0.7457
kW = N·m × rpm ÷ 9550
N·m = kW × 9550 ÷ rpm
```

Idan takardar injin ta kawo ƙarfin murɗawa da lb·ft, a ninka da 1.356, idan kuma da kgf·m ne a ninka da 9.807, sai a samu N·m.

Abin da ya sa lambar jikin inji ke ruɗarwa

Lambar da aka buga a farantin injin dizal ƙarfinsa ne a wani gudu takamaimai, da man da ake ba shi a buɗe gaba ɗaya, yana sabo. Wasu masana'antun suna rubuta ƙarfin da injin zai iya riƙewa na awa ɗaya kacal, wanda ya ɗara wanda zai riƙe yini guda da kusan kashi 10 cikin 100. Ƙa'idar ISO 3046 tana auna injin ne a zafin digiri 25 da matsin iska na kPa 100. A wuri mai zafi ko mai tudu iskar ba ta da kauri, injin kuwa ba ya kai lambarsa. Ƙari a kan haka, masu niƙa ba kasafai suke barin inji a ƙarshen gudunsa ba, saboda jijjiga da shan mai. Injin da ya tsufa, zobban fistinsa suka ci, nozul ɗinsa ta daina fesa mai da kyau, ya ƙara yin ƙasa.

Moton lantarki ba haka yake ba. Kilowat da ke farantinsa shi ne abin da sandarsa ke bayarwa, kuma idan an rubuta S1 a kai, bisa ƙa'idar IEC 60034-1 zai riƙe wannan ƙarfin ba hutawa, matuƙar zafin wurin bai wuce digiri 40 ba, tudun kuma bai wuce mita 1,000 ba. Idan niƙa ya cushe na ɗan lokaci, moto mai fes uku, wato mai jan wuta ta wayoyi uku, yana iya fitar da ninki biyu zuwa uku na ƙarfin murɗawarsa kafin ya tsaya. Dizal ba shi da wannan rarar. Abin da ke cetonsa shi ne nauyin babbar ƙafar ƙarfen nan da ke juyawa a gefensa. Wannan ne ya sa moto mai ƙaramar lamba yakan ɗauki aikin dizal mai babbar lamba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki injin niƙa mai guduma da dizal mai silinda ɗaya ke ja. An rubuta a farantin dizal ɗin 20 hp a 2200 rpm. Fulin dizal ɗin faɗinsa milimita 200 ne, na maniƙar kuma milimita 100.

Ninkawar farko tana ba da kilowat 14.9, ƙarfin murɗawa kuma ya kama 64.7 N·m. A nan mutane da yawa suke tsayawa su sayo moto mai kilowat 15. Gara a ɗan dakata a auna injin yana bakin aiki kafin a kwance shi, domin da zarar an sauke shi wannan damar ta wuce.

Abu na farko shi ne gudu. A ɗora na'urar auna juyi a kan sandar injin ana tsaka da zuba hatsi. A ce ta nuna 1800 rpm. Ƙarfin murɗawar dizal ba ya sauyawa sosai tsakanin waɗannan gudu biyu, saboda haka iyakar abin da injin zai iya bayarwa a nan shi ne 64.7 sau 1800 a raba da 9550, wato kusan kilowat 12.2. Tun kafin a je ko'ina kilowat 2.7 sun zube.

Abu na biyu shi ne mai, kuma a ganin wanda ya san aikin, shi ne shaida mafi gaskiya da za a samu ba tare da kayan gwaji masu tsada ba. A cika tanki zuwa wata alama, a yi niƙa na awa ɗaya cur ba tare da barin injin yana gudu fanko ba, sannan a auna abin da aka ƙara har ya koma alamar. A ce lita 2.5 ne. Litar dizal tana da nauyin kusan giram 840, ke nan injin ya sha giram 2,100. Ƙananan injina irin wannan sukan ƙone giram 250 zuwa 280 don samar da kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Idan aka raba, niƙan yana cin tsakanin kilowat 7.5 da 8.4, a ce 8. Idan injin yana fitar da baƙin hayaƙi, wani ɓangare na man asara yake tafiya, ainihin ƙarfin ma bai kai haka ba.

Wannan kilowat 8 matsakaici ne. Hatsi mai danshi, rariya mai ƙananan ramuka, gudumomin da bakinsu ya ci, da mai zubawa mai gaggawa, duk suna ɗaga nauyin. Ana ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin 100 saboda su, sai a samu kusan kilowat 10. Motoci suna zuwa ne a matakai sanannu, 5.5, 7.5, 11, 15, 18.5, 22, kuma ana hawa mataki na sama ne, ba a sauka. Amsar ita ce kilowat 11. Da shi moton zai yi aiki a kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, inda irin waɗannan motoci suka fi tattalin wuta. Mai kilowat 15 zai ja aikin, amma a rabin ƙarfinsa kawai, ga tsada, ga jan wuta mai yawa a lokacin tashi.

Gudu da fuli

Maniƙa ba ruwanta da abin da ke janta, gudunta take nema. A misalin nan, 1800 sau 200 a raba da 100, sandar gudumomin tana yin 3600 rpm. Moto kuwa ba shi da abin ƙara masa wuta ko rage masa kamar dizal. Gudunsa ya dogara ne da yawan fol, wato kawunan maganaɗisun da ke cikinsa: a wutar 50 Hz, mai fol huɗu yana juyi kusan 1460 rpm, mai fol biyu kusan 2930. A wutar 60 Hz sukan kai kusan 1750 da 3500. Saboda haka fuli ne zai daidaita lamarin:

```
fulin moto = rpm na maniƙa × fulin maniƙa ÷ rpm na moto
```

Ga mai fol huɗu, 3600 sau 100 a raba da 1460 ya ba da milimita 247, sai a ɗauki 250. Ga mai fol biyu, 123 ne, a ɗauki 125. Wanda ya cire tsohon fulin milimita 200 ya ɗaura wa moto mai fol huɗu, maniƙarsa za ta sauko zuwa 2920 rpm, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudunta. Gari zai riƙa fita da tsaki-tsaki, rariya ta riƙa toshewa, a yi ta zargin moto da rashin ƙarfi alhali laifin fuli ne.

A nan ne kuma ake ruɗewa da ƙarfin murɗawa. Moto mai kilowat 11 da fol huɗu yana ba da 72 N·m, ya ɗara dizal ɗin. Mai fol biyu yana ba da 36 kacal. Sai a ga kamar na biyun ba zai iya ba. Amma bayan bel ya kai juyin ga sandar maniƙa a 3600 rpm, kowannensu kusan 29 N·m yake isarwa, ban da ɗan abin da bel ke ci. Kwatanta ƙarfin murɗawa ba ya da ma'ana sai a kan sanda ɗaya, a gudu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne bel: ƙaramin fuli ba ya kama shi sosai, yakan zame ya yi zafi, don haka yakan buƙaci ƙarin layin bel.

Tashi da jan wuta

Dizal ana tayar da shi ne fanko, sannan a ɗora masa nauyi sannu a hankali. Moto kuwa daga tsaye yake ɗauka, kuma idan aka jona shi kai tsaye yana jan ninki shida zuwa takwas na wutar da ke farantinsa. Mai kilowat 11 a bolt 400 yana jan kusan amfiya 21 a cikakken aiki, ke nan a tashi zai doshi 150. Sita-delta, wato hanyar jona moto da ke tayar da shi da ragaggen bolt kafin a ba shi cikakke, tana rage wannan zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma tana rage ƙarfin murɗawar tashi da daidai wannan gwargwado. Maniƙa mai guduma da cikinta ba komai za ta tashi a haka. Maniƙa mai faranti da aka kashe da hatsi a tsakanin farantanta ba za ta tashi ba. Moton zai yi ta gurnani yana zafi, sai an sassauta farantan an kwashe abin da ya maƙale.

Ƙarancin wuta ma yana shiga lissafi, domin ƙarfin murɗawar moto yana bin ninkin bolt a kan kansa. Idan bolt ya sauka da kashi 10 cikin 100, ƙarfin murɗawa ya sauka da 19, moton kuma ya ƙara jan amfiya don riƙe nauyin. Inda wuta take yawan yin rauni, wannan dalili ne na gaske na hawa mataki ɗaya sama, kuma ya fi hujjar lambar jikin tsohon inji ƙarfi.

Bayan an ɗora moton, a maƙala mitar auna amfiya a kowace waya cikin ukun ana niƙa. Nauyin kilowat 8 a kan wannan moton zai nuna kusan amfiya 16, wutar da mita ke ƙirgawa kuma kusan kilowat 9 ce, tunda kashi ɗaya cikin goma yana tafiya a zafi. Idan amfiya ta tsaya sama da 21, ana zuba hatsi fiye da kima ko fulin moton ya yi girma. Idan waya ɗaya ta sha bamban da sauran sosai, matsalar daga wuta take ko daga jonin wayoyi. Na'urar kariya daga yawan nauyi ana saita ta ne a kan amfiyar farantin moto. Idan a cikin zagayen delta aka jona ta, a saita ta a kashi 58 cikin 100 na wannan adadi, wato kusan amfiya 12.