Manhajar zango ɗaya a ajin yaƙi da jahilci na dare: tambayoyi da amsoshi

Malam, an ba ni ajin manya na dare a unguwarmu, mutum ashirin, na wata uku. Ta ina zan fara tsara abin da zan koyar?

Fara da kalanda, ɗan'uwa, tun kafin ka taɓa alli. Wata uku mako 12 ne. In kuna zama sau uku a mako, awa ɗaya da rabi bayan sallar isha, kana da zama 36, wato awa 54 ke nan. Amma kada ka ɗora tsarinka a kan 36 ɗin cif. Za a yi rasuwa a unguwa, za a yi biki, wata rana ruwa zai tsuge ko fitila ta mutu. Ka bar wa kanka sarari don cike giɓi. Ka zauna da ɗaliban ku fitar da ranakun tare, ku kauce wa ranar kasuwar da mafi yawansu ke ci. Kuma kada zangon ya faɗa cikin azumi ko tsakiyar damina, domin wanda ya yini yana noman firi ba zai iya riƙe fensir da dare ba. In manoma ne, bayan kaka ya fi.

Sai ka rubuta a saman takardarka abin da kake so kowa ya iya a daren ƙarshe. Ni nakan taƙaita shi haka: ya rubuta cikakken sunansa ba tare da kallon komai ba, ya karanta gajeren saƙo na jimla uku da bai taɓa gani ba, ya kuma rubuta lambar waya da farashin kaya in an faɗa masa. Wata uku ba za su mai da mutum mai karanta jarida ba, kuma gara ka gaya musu haka tun ranar farko da su gano da kansu a mako na takwas su karaya.

Na ɗauka bin a, b, c a jere za a yi har a kai z. Akwai laifi a haka?

Akwai, kuma shi ne ke korar manya a makonni ukun farko. Magidancin da ya baro shagonsa ba zai yi wata guda yana rera haruffa ba tare da ya karanta kalma ko ɗaya ba. Rubutun Hausa kuwa ya yi mana gata: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, kuma yawancin kalmominmu gaɓoɓi ne na baƙi da wasali. Saboda haka da haruffa biyar kacal mutum zai fara karatu na gaske.

Ga yadda nake jerawa. Mako na farko wasula biyu da baƙaƙe uku: a, i, k, m, n. Daga nan ake haɗa ka, ki, ma, mi, na, ni, kuma kafin mako ya ƙare an karanta kaka, nama, kama, har da 'yar jimla kamar "ina nama". Mako na biyu a ƙara u, b, r, s, sai uba, suna, rami da masara su fito. Mako na uku e, o, t, d, g, masu kawo gero, doki, gida da goro. Mako na huɗu babu sabon harafi ko ɗaya, bita ce zalla. Mako na biyar w, y, l, f, z, ga tuwo, wake, fura da zuma. Mako na shida h, j, c, tare da gaɓar da ke ƙarewa da baƙi, irin ta "manja" da "barkono". A nan haruffa 22 sun cika.

Mako na bakwai na masu ƙugiya ne: ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wadda a Nijar ake rubutawa ƴ. Kada ka koyar da su su kaɗai, ka riƙa gwama kowanne da ɗan'uwansa a allo: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. Kunnensu ya riga ya san bambancin tun suna goye, idonsu da hannunsu kawai kake horarwa. Mako na takwas bita ce kuma. Na tara a shiga tagwayen baƙaƙe, wato sh, ts, kw, gw, ky, gy, ƙw da ƙy, da kalmomi irin su shinkafa, tsintsiya, gyaɗa da ƙwai, a kuma nuna baƙin da ake ninkawa, kamar yadda daba ta bambanta da dabba. Na goma jimla ce da babban harafi da aya. Na sha ɗaya a kawo takardun duniya cikin aji: saƙon waya da aka rubuta da Hausa, rasit, fom mai neman suna da gari da lambar waya. Na sha biyu awon ƙarshe.

Abu biyu ba sa jiran wannan jeri. Sunan mutum tun daren farko kake rubuta masa shi da manyan haruffa a bangon littafinsa, ya riƙa kwaikwaya kamar zane, ko da haruffan ba su zo ba tukuna. Sai lissafi, minti ashirin a ƙarshen kowane zama. A nan ka yi hattara: mai sayar da hatsi ya fi ka saurin lissafi da ka. Abin da ya rasa rubuta alƙaluman ne, musamman inda sifili ke zama, domin zai rubuta 1005 alhali 105 yake nufi.

Yaya ake rubuta burin mako? Nawa yakan fito kamar "koyar da wasula".

Wannan aikinka ka rubuta, ba na ɗalibi ba. Burin mako ya faɗi abin da ɗalibi zai yi da bakinsa ko hannunsa, a kuma iya gani a ƙirga. Na mako na uku, misali: "Ya karanta kalmomi huɗu cikin biyar da aka gina da haruffan da aka koya, waɗanda ba a taɓa rubutawa a allo ba, ya kuma rubuta uku in an yi masa shifta." Buri ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu, ɗaya na lissafi sun isa mako. Ka raba zaman uku haka: na farko a kawo sabo, na biyu a yi ta haɗawa da rubutawa, na uku a yi bita a auna.

To yaya zan gane sun iya, ba tare da jarrabawa ta firgita dattawa ba?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin ajin manya yana ruɗin malami. Yawancin ɗalibanka sun yi makarantar allo, kuma suna da kaifin hadda. In ka nuna allo da sanda ajin ya amsa baki ɗaya, za ka koma gida da farin ciki, alhali mutum biyar ne ke karantawa, sauran suna bin sautinsu.

Na taɓa samun wani dattijo mai facin taya a ajina. Duk abin da ke allo yakan karanta shi tsaf, daga sama har ƙasa, muryarsa ta fi ta kowa. Wani dare na goge allon, na rubuta "gero" a ɗan kwali na miƙa masa. Ya kai shi kusa da fitila, ya nisanta shi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan ba a inda take zama take ba." Wurin kalmar a allo ya haddace, ba haruffanta ba. Laifina ne, don na yi mako uku ban saurare shi shi kaɗai ba. Daga baya kuma na gano idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, kamar yadda yake faruwa ga da yawa daga waɗanda suka haura arba'in. Tun daga lokacin nake rubuta katunana da haruffa masu tsayin ɗan yatsa.

Ga awon da nake yi tun daga nan. Ka yanka kwalin sabulu ko na taliya, ka rubuta kalma ɗaya a kowanne, sababbi, daga haruffan da aka riga aka koya. A zaman ƙarshe na mako ka ba ajin aikin kwafa, kai kuma ka riƙa zagayawa kana zama kusa da kowa, ka nuna masa kati biyar a hankali. Minti ɗaya da rabi ya ishi mutum ɗaya, ashirin ɗin su cinye rabin awa. Sai shifta ta kalma uku ga kowa a lokaci guda. A rajistarka ka sa alama uku kawai: ya iya, ya kusa, da saura. Ba a karanta sakamako a gaban aji, ba a jera na ɗaya da na ƙarshe, kuma kalmar jarrabawa ma ba ta fita daga bakinka. "Baba, taimaka ka duba mini wannan" ta wadatar.

Ka kuma saurari irin kuskuren, don shi ke gaya maka maganin. Wanda ya ga "doki" ya ce "boki" yana rikita b da d, sai ka sa shi rubuta su yana faɗin inda cikin harafin ya kalla. Wanda ya ce "d, o, k, i" ɗaya bayan ɗaya amma ya kasa tayar da kalmar ya san haruffa, haɗawa ce ta gagara. A harshen makarantar allo ya yi babbaƙu, farfaru ne bai zauna ba, kuma in ka faɗa masa haka zai gane nan take. Ka mayar da shi kan gaɓa: do, ki, doki. Wanda kuwa ya ga "gida" ya ce "gero" harafin farko kawai ya kalla ya yi canki.

In rabin ajin sun iya, rabi ba su iya ba, in wuce ko in tsaya?

Ka sa wa kanka ƙa'ida tun farko don kada tausayi ko gaggawa su yanke maka hukunci. Tawa ita ce kashi biyu cikin uku: a ajin mutum ashirin, in 14 sun karanta huɗu cikin biyar, a wuce, sauran shidan kuma su riƙa zuwa minti goma sha biyar kafin lokaci, ko ka zaunar da kowannensu kusa da wanda ya iya kuma suke shiri. In ba a kai 14 ba, a maimaita makon da sababbin kalmomi, kada a sake tsoffin da aka riga aka haddace. Sararin nan da ka bari don irin wannan ne. In kuwa maimaicin ya cinye shi, ka rage daga mako na sha ɗaya, kada ka taɓa makonnin bita.

Rajistar zuwa ma awo ce. Wanda ya yi fashin zama biyu a jere yakan ji kunyar dawowa don yana ganin an wuce shi, musamman a makon masu ƙugiya inda karatu ke fara nauyi. Kada ka jira na uku. Ka bi ta shagonsa ko ƙofar gidansa da katunan makon a aljihu, ku yi minti goma a kan benci, ka gaya masa ranar da za a yi bita.