Bayanan bidiyon ilimi na yara a YouTube

Bayanan bidiyo su ne take, bayani, alamomin bincike da hoton fuska da mai ɗora bidiyo ke rubutawa ko zaɓa. Akwai ƙarin abu guda: a kowane bidiyo dole a bayyana ko don yara aka yi shi.

Tarihi

Tushen lamarin dokar Amurka ce ta COPPA ta 1998, wadda ta hana tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da izinin iyaye. A wajajen 2017 aka yi ta ƙorafi kan bidiyoyi masu ɗauke da sunayen taurarin zane na yara alhali cikinsu tashin hankali ne. A Satumban 2019 kamfanin Google, mamallakin YouTube, ya amince ya biya dala miliyan 170 ga FTC, hukumar kasuwanci ta Amurka, da jihar New York bisa zargin keta dokar. Daga nan aka kawo saitin masu kallo, wato zaɓin da ke nuna ko bidiyo na yara ne, ya fara aiki a Janairun 2020, kuma ya shafi masu tashoshi a ko'ina, har Kano da Zinder. Har yanzu ana saɓani kan bidiyon da manya da yara ke kallo tare.

Saitin masu kallo

A YouTube Studio, inda mai tasha ke sarrafa bidiyoyinsa, wurin Audience, ana zaɓen "Yes, it's made for kids" ko "No, it's not made for kids", ga bidiyo ɗaya ko ga tasha gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne wanda aka nufa da bidiyon. Wanda 'yar tsana ke rera ƙidaya daga ɗaya zuwa goma na yara ne. Wanda ke nuna wa malamar firamare yadda za ta koyar da ƙidayar na manya ne, ko da darasin ɗaya ne.

Idan aka zaɓi na yara, sharhi, ƙararrawar sanarwa da tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo duk suna rufewa, kuɗin shiga kuma kan ragu. Shi ya sa wasu ke zaɓen "a'a" da gangan. YouTube na iya sauya saitin da kansa, kuma alhakin doka na kan mai tashar. Ganin akwatin sharhi a buɗe ƙarƙashin waƙar yara alama ce ta kuskuren saiti.

Kalmomi

Take ba ya wuce harafi 100, bayani 5,000. "Ƙidaya daga 1 zuwa 10 da Hausa, don 'yan shekara 3 zuwa 5" ya wadatar. Cusa sunan tauraron zanen da ba ya cikin bidiyon yaudara ce da kan jawo a cire shi. Haka nan ba a sa sunan makarantar yaron da ya fito ko unguwarsu.

YouTube Kids

Saitin ba ya shigar da bidiyo wannan manhajar da YouTube ya keɓe wa yara kai tsaye; tantancewarta daban ce.