Ba kowane "DECLINED" ba ne ke nufin kuɗi bai fita ba

Masu POS da yawa sun ɗauka in takarda ta fito da DECLINED, shike nan, a sake sa kati. Wannan kalmar ba ta isa hujja ba. Lambar da ke gaban RESPONSE CODE ita ce abin dubawa.

In ka ga 51, bankin mai kati ne ya amsa da kansa cewa kuɗin asusun bai kai ba. Ba a cire komai ba, sai a rage adadin a sake. Haka ma 55, wato an yi kuskuren lambar sirri, amma a yi hattara, yawancin bankuna na toshe kati a kuskure na uku.

Inda gizo ke saƙar shi ne 91. Ma'anarta na'urar ba ta ji daga bankin ba, kuma rashin amsa ba ƙi ba ne. Mai yiwuwa saƙon ya isa, banki ya cire naira 20,000, amsar ce ta maƙale a hanya. In aka sake kuma ta wuce, 40,000 sun fita, a hannu kuwa 20,000 kacal.

Don haka a dakata. Mai kati ya duba ragowar kuɗinsa ta manhajar banki ko USSD, kada ya dogara da saƙon alat, don yakan makara. In an cire, ya riƙe takardar: lambar RRN da ke jiki ita banki zai bi sawu da ita. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don warware irin wannan matsala.