Sun ce ba su ɗauke ni ba, me zan mayar musu?

Tambaya: Malam, an turo mini saƙo cewa ba a ɗauke ni aikin ba. Dole ne in ba da amsa?

Amsa: Idan kun yi intabiyu da su, ko da ta waya ce ko ta bidiyo, e, ka amsa. Idan takardu kawai ka tura, saƙon kuma ya fito daga adireshin da ya fara da noreply@, babu mai buɗe wannan akwatin, kada ka wahalar da kanka. Kullum sai an yi mini wannan tambayar, amsar kuma ba ta canza ba.

Tambaya: Yaushe zan tura?

Amsa: Cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ba a sa'ar da ka karanta saƙon ba, lokacin zuciya tana tafasa. Ka kwana tukuna, ka rubuta da safe.

Tambaya: Ni fa raina ya ɓaci ƙwarai. Sau uku suka kira ni intabiyu, kusan wata biyu ina jira. Ba zan faɗa musu gaskiya ba?

Amsa: Ɓacin ranki a kan hanya yake, 'yar'uwa, ba wanda zai ce ba a cuce ki da jira ba. Amma wa za ki faɗa wa? Sau da yawa wadda ta turo miki saƙon ba ita ta yanke hukunci ba, aike aka ba ta. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa ta fi, domin tana iya zama a fayil ɗinki, duk wanda ya buɗe sunanki baɗi ya gan ta.

Ki tsaya ki duba abin da kira uku yake nufi. Galibi ba a kai mutum zagaye na uku sai yana cikin biyu ko ukun ƙarshe, gurbin kuma ɗaya ne. Na sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, na san yadda ake ajiye sunan na biyu a kusa. Wanda aka zaɓa yakan ƙi albashin da aka yi masa tayi, ko wurin aikinsa na yanzu su ƙara masa kuɗi ya fasa tahowa, ko ya zo ya kasa cika lokacin gwaji na wata uku ko shida. Sake tallata gurbi da tace takardu aikin makonni ne, kiran na biyu kuwa waya ɗaya ce. Ranar da za a ɗaga wannan wayar, abu na ƙarshe da aka karanta daga gare ki shi za a tuna.

Tambaya: To me zan rubuta? Ba ni misali.

Amsa: Jimla biyar ko shida sun isa, a harshen da suka rubuto maka da shi. A ce aikin akanta ka nema, shugabar sashen kuɗi ce ta yi maka intabiyu, a cikin hirar kuma ta ambaci cewa suna sauya manhajar lissafinsu. Ga yadda zan rubuta:

"Ranki ya daɗe, na gode da kika sanar da ni hukuncin da aka yanke, na kuma gode da lokacin da ku da abokan aikinki kuka ba ni. Na so a ce ni aka zaɓa, amma na fahimci cewa gurbin ɗaya ne. Bayanin da kika yi kan sauya manhajar lissafi da yadda kuke son rage kwanakin rufe asusun ƙarshen wata ya ƙara mini sha'awar aiki da ku. Idan wani gurbi ya buɗe a sashen kuɗi, musamman ɓangaren biyan 'yan kwangila ko daidaita lissafin banki, zan so a tuna da ni. Na amince ku ajiye takarduna saboda haka. Allah ya ba da sa'a ga wanda aka ɗauka."

Ka lura da jimla ta uku, ita ce ran wasiƙar. Godiya kowa yana yi. Abin da ke sa a tuna fuskarka shi ne ka ambaci wani abu guda da aka faɗa a ɗakin, wanda ba zai dace da wasiƙar wani kamfani ba. Ka lura kuma da jimla ta huɗu: ka faɗi irin aikin da kake so da sunansa. Masu rubuta "kowane irin aiki ne ina so" suna zaton tawali'u suke nunawa, amma mai karantawa ba ta san a wane layi za ta sa su ba, sai ta bar su a waje. Jimlar da ke nuna ka ji zafi kuwa guda ɗaya ce tak. Kada ka ƙara labarin nauyin iyali ko shekarun da ka yi ba aiki. Gaskiya ne, na sani, amma yana ɗora wa mai karantawa nauyin da ba za ta iya saukewa ba, sai ta ƙi amsawa.

Tambaya: Sabon saƙo zan buɗe ko in amsa a kan nasu?

Amsa: A kan nasu. Danna Reply, ba Reply All ba, kada ka canza taken saƙon. Ka duba yadda aka rubuta sunan mutumin kafin ka tura.

Tambaya: Ina so in san dalilin da ya sa ba a ɗauke ni ba. Zan iya tambaya a cikin wannan amsar, ko zai ɓata komai?

Amsa: Wannan ita ce mai wuyar, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa. Ya danganta da inda ka kai, da wanda kake rubuta wa, da yadda ka ɗaura tambayar.

Idan a matakin tace takardu aka tsayar da kai, ni dai ba na ba da shawarar tambaya. Wanda ya duba takardunka cikin tarin wasu ba zai tuna ba, abin da za ka samu bai wuce "an sami wanda ya fi dacewa" ba. Idan ka kai zagayen ƙarshe, tambayar tana da gurbi, domin akwai rubutaccen bayani a kanka, kowane ɗan kwamiti ya cike takardar maki. Duk da haka kada ka sa rai sosai. Ma'aikatu da yawa suna hana ma'aikatansu faɗin dalili a rubuce, saboda tsoron kada a ɗauki kalma ɗaya a kai su ƙara kan nuna bambanci. Shirun da za ka ji sau da yawa ba raini ba ne, doka ce ta cikin gida.

Sai maganar wa za ka tambaya. Ma'aikacin sashen kula da ma'aikata yakan fi kame bakinsa. Wanda zai zama shugabanka da an ɗauke ka, shi ya san ainihin giɓin, kuma idan hirarku ta yi daɗi yakan faɗa. Idan kuma ta hannun kamfanin da ke nemo wa wasu ma'aikata ka shiga, to wakilinka za ka tambaya, shi ya fi kowa sakin baki, domin yana so ya sake tura ka wani wuri. Amma kada ka tsallake shi ka rubuta wa ma'aikatar kai tsaye, hakan yakan ɓata tsakaninku.

Yadda aka ɗaura tambayar ne ke raba gardama. "Me ya sa ba ku ɗauke ni ba?" tuhuma ce, tana tilasta musu kare kansu. "Me wanda kuka ɗauka ya fi ni da shi?" ita ma ba za su amsa ba, domin maganar wani ce. Wadda ke samun amsa ƙarama ce, tana duban gaba, tana kuma barin ƙofar ƙin amsawa a buɗe: "Idan hali ya yi, wane abu guda za ki ba ni shawarar in ƙarfafa kafin in sake neman irin wannan gurbi? Idan tsarinku bai yarda ba, na fahimta." Ka sa ta kusa da ƙarshe, bayan godiya, sau ɗaya.

Akwai wata da muka yi wa intabiyu a wani wuri da na yi aiki, ta zo ta biyu, ta rubuto kusan haka. Shugaban sashen ya kira ta a waya, minti biyar, ya ce mata amsoshinta kan ƙa'idojin lissafi ba su da aibu, amma da aka ce ta ba da misalin kuskuren da ta taɓa ganowa a asusu, sai ta yi ta cewa "mun yi, mun duba", ba a gane nata hannun ba. Ta ce ta gode, ba ta ƙara komai ba. Bayan ya ajiye wayar, shi da kansa ya ce a sa sunanta a gaba idan gurbi ya samu. Wani kuma da aka faɗa wa irin wannan, sai ya turo shafi guda yana bayyana inda kwamiti bai fahimce shi ba. Mai yiwuwa ma yana da gaskiya a wasu wuraren. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara son buɗe saƙonsa.

Saboda haka kafin ka tambaya, ka tambayi kanka ko za ka iya jin abin da ba ka yarda da shi ba ka ce na gode kawai. Idan ka san za ka yi musu, ka cire tambayar, wasiƙar tana aikinta ba tare da ita ba. Abin da aka faɗa maka kuma ka auna shi, ra'ayin mutum biyu ko uku ne a kan hirar awa ɗaya. Idan ka ji abu ɗaya daga wurare biyu daban, to wannan ka ɗauke shi da gaske.

Tambaya: Me ya sa sai na ce na amince su ajiye takarduna? Ai suna da su.

Amsa: Ba lallai su daɗe da su ba. Dokokin kare bayanan mutane, irin GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, ba su yarda a riƙe bayanan mutum fiye da buƙatar da aka karɓe su dominta ba, don haka ma'aikatu da yawa sukan goge takardun waɗanda ba a ɗauka ba bayan 'yan watanni. Jimlar tana nuna musu kana so a ajiye. Idan sun turo maka fom na amincewa, ka cike.

Tambaya: Na tura, kwana goma ke nan shiru. In sake turawa?

Amsa: A'a, don Allah. Wasiƙar ba ta neman amsa, an karanta, ya isa. Idan kana so, ka aika wa wanda ya yi maka intabiyu gayyata a LinkedIn da layi ɗaya na tunatarwa. Kada ka bi shi ta lambar wayarsa ta kansa da gaisuwar safe kullum. Sai bayan wata uku zuwa shida ka sake magana, kuma sai kana da sabon abu a hannu, kamar shaidar kwas da ka kammala ko gurbin da ka ga sun tallata.

Tambaya: Idan suka sake tallata gurbin, ba abin kunya ba ne in sake nema?

Amsa: Ba kunya a ciki. Ka nema ta hanyar da suka tsara kamar kowa, da takardun da ka sabunta. Sannan ka koma kan tsohon saƙon nan naku, ka danna Reply, ka rubuta layi biyu: ka ga tallan, ka tura takardunka, ga kuma abin da ka ƙaru da shi tun bayan hirarku.